Ƙirgen Bishiyoyin Gona Daga Sama: Daftarin Bincike Kan Iyakar Daura da Magarya

Daga Kwangwalam ta Mai'aduwa zuwa ƙasar Ɓaure, iyakar Nijeriya da Nijar ba ta miƙe gabas sak ba, ta karkata ne kudu maso gabas. Shi ya sa garin Magarya na jihar Damagaram da garin Daura na jihar Katsina suke kusan kan layi ɗaya idan an duba taswira. Ƙasa ce mai yashi, wato jigawa, a ɓangarorin biyu, gero da wake da dawa da gyaɗa ake nomawa, kuma dangi ne ke zaune nan da can. Abin da ya raba su shi ne hukuma da doka da kuɗin da ake kashewa a kasuwa. Ga mai binciken bishiyoyin gona, wuri irin wannan ba ya samuwa ko'ina, domin ruwan sama da ƙasa ba za su shiga tsakani su rikita lissafi sosai ba. A kan wannan yanki aka gina daftarin binciken da zan bi dalla-dalla a nan, tare da dalilin da ya sa aka zaɓi kowane mataki.

Labarin da ya jawo tambayar sananne ne. Bayan farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, an ɗauka gonakin kudancin Nijar sun kama hanyar zama fako. A Maraɗi, daga 1983, Tony Rinaudo, wani malamin gona ɗan Ostireliya, ya shiga ƙarfafa wa manoma gwiwa su daina sare duk tohon da ke fitowa daga kututture lokacin sharar gona, su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su rene su. Wannan shi ne sassaben zamani. A ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya kuma manoma da kansu suka riƙa barin 'ya'yan gawo suna tashi. Wajen tsakiyar shekarun 2000, Gray Tappan na USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Chris Reij tare da masana na Nijar suka kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraron ɗan'adam, suka ƙiyasta cewa bishiyoyi sun farfaɗo a gonaki kimanin hekta miliyan 5, bishiyoyin da aka ce sun kai miliyan 200. Tun daga nan ake ta faɗin cewa da mutum ya leƙo daga sama zai gane inda iyaka take, don Nijar ta fi duhun bishiya. A gefe guda kuwa, aikin da Michael Mortimore ya shafe shekaru yana yi a karkarar Kano ya nuna cewa yawan jama'a bai ƙarar da itatuwan gona ba, manoma suna kare su suna kuma dasa wasu. Ke nan ba daidai ba ne a shiga bincike da hukunci a aljihu.

Manufofin binciken

Daftarin yana da manufa uku, kuma da gangan aka taƙaita su. Ta farko ita ce auna yadda lulluɓin bishiyoyi da yawansu a kowace hekta suka canza a gonakin jigawa na ɓangarorin biyu, a lokuta uku: ƙarshen shekarun 1960, tsakiyar shekarun 2000, da kuma yanzu. Lulluɓi a nan shi ne kason ƙasar da laimar bishiya, wato rassa da ganye, ta rufe idan an duba daga sama. Ta biyu ita ce gano lokacin da canjin ya faru, ko a hankali ya taho ko kuwa cikin 'yan shekaru. Ta uku ita ce sanin irin itatuwan da suka ƙaru da waɗanda suka ragu, da abin da masu gonakin suke cewa ya jawo haka.

Yankin da za a duba zirin ƙasa ne mai tsawon kilomita 60 a bin iyaka, da faɗin kilomita 20 a kowane ɓangare. Jimilla murabba'in kilomita 2,400 ke nan, hekta 240,000. Za a cire garuruwa da ƙauyuka, inda darbejiya ta yi yawa a ƙofar gidaje da kasuwanni. Za a cire fadamu da kwarin Korama, inda rake da mangwaro da lambuna suke zama kore shar ko a tsakiyar rani. Layukan katangar iska da gwamnatoci suka dasa a arewacin Katsina za a ware musu aji nasu, domin su ba shawarar mai gona ba ne. Abin da ya rage, gonar damina mai bishiyoyi jefi-jefi, shi ne fagen aikin.

Bishiyar ta fi ɗigon hoto ƙanƙanta

Duk tsarin aikin ya rataya ne a kan matsala ɗaya, kuma yawancin daftarin ɗalibai da kan zo hannuna a nan suke tuntuɓe. Kowane hoton tauraro ɗigo-ɗigo ne, kuma kowane ɗigo yana wakiltar wani yanki na ƙasa da launi guda. A Landsat, jerin taurarin Amurka masu ɗaukar hoton ƙasa, ɗigo ɗaya mita 30 ne tsawo da faɗi, wato murabba'in mita 900, don haka gona mai hekta ɗaya ɗigo 11 ce da ɗan ɗoriya. Babban gawo mai faɗin laima mita 8 yana rufe murabba'in mita 50, bai kai kashi 6 cikin 100 na ɗigo guda ba. Ɗan kalgon da aka rena shekara uku, mai laima mita 2, yana rufe murabba'in mita 3 ne kacal. Abin kamar a zuba ƙwayar wake kaɗan a mudun gero ne a niƙa, sannan a ce mutum ya faɗi yawan waken daga launin garin. Sentinel-2, tauraron Turai, ya fi kaifin ido, ɗigonsa mita 10 ne, amma sai 2015 aka harba na farkonsa, ba shi da tarihin da zai kai mu baya.

Saboda haka ne taswirar dazuzzukan duniya da Matthew Hansen da abokan aikinsa suka fitar a 2013 ba za ta amsa tambayarmu ba, duk da cewa ita ce ɗalibai suka fi saurin ɗaukowa. An gina ta a kan Landsat, tana kuma ƙirga tsiron da ya wuce mita 5 tsayi, don kurmi aka yi ta. A gonakin Zango za ta nuna kusan babu komai, jiya da yau. A 2020 Martin Brandt da abokansa sun nuna girman abin da ake tsallakewa: da hotuna masu ɗigon rabin mita suka ƙirga bishiyoyi sama da biliyan 1.8 a murabba'in kilomita miliyan 1.3 na yammacin Sahara da Sahel, wuraren da tsofaffin taswirori ke nunawa kusan wayam.

Akwai kuma abin da ko hoto mai kaifi zai iya ɓoyewa idan lulluɓi kaɗai aka auna. A ɗauki misalin gona mai hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,000. A 2005 tana da manyan gawo 8, kowanne murabba'in mita 50, jimilla 400, lulluɓi kashi 4 cikin 100. Zuwa yanzu an sare uku, saura biyar, murabba'in mita 250. Amma mai gonar ya reni ƙananan bishiyoyi 48 masu laima mita 2, waɗanda suka rufe kimanin 150. Jimilla 400 kuma, lulluɓi kashi 4 cikin 100. Wanda ya auna lulluɓi zai rubuta cewa ba abin da ya canza, alhali bishiyoyi sun tashi daga 8 zuwa 53, kuma gonar ta yi asarar manya uku masu zubar da 'ya'yan da awaki ke ci. Wanda ya ƙirga yawa kaɗai shi kuma zai yi shelar nasara ninki shida. Dukansu sun faɗi rabin magana. Don haka daftarin ya wajabta a ba da adadi uku tare a kowane fuloti, wato yankin gwaji mai hekta ɗaya: lulluɓi, yawan bishiyoyi, da rabonsu gida uku bisa faɗin laima, ƙasa da mita 3, tsakanin 3 da 6, da sama da 6.

Fulotin gwaji maimakon taswirar ko'ina

Tunda hotuna masu ɗigon ƙasa da mita ɗaya suna da tsada idan za a saye su ga hekta 240,000, kuma tsofaffinsu ba su rufe ko'ina ba, ƙashin bayan aikin zai kasance samfuri ne. Za a warwatsa fulotai masu hekta ɗaya-ɗaya, mita 100 tsawo da faɗi, ta hanyar ƙuri'ar kwamfuta, bayan an raba kowane ɓangare gida biyu: kusa da gari, wato cikin kilomita ɗaya, da nesa da gari. An yi wannan rabo ne don gonar bayan gida tana samun taki da idon mai ita kullum, ta nesa kuwa masu sara sun fi samun sarari a cikinta. Ba mai bincike ne zai zaɓi wurin da hannunsa ba. Idon mutum yana son inda hoto ya yi kyau da inda bishiya ta yi yawa.

Yawan fulotan lissafi ne ya kawo shi. Idan aka ɗauka cewa bambancin lulluɓi daga fuloti zuwa fuloti ya kai maki 4, kuma ana son matsakaicin da za a fitar kada ya kauce da fiye da rabin maki, da tabbacin kashi 95 cikin 100, to lissafin shi ne:

```
n = (1.96 * 4 / 0.5)^2 = 246
```

An ɗaga shi zuwa 300 a kowane ɓangare, 600 gaba ɗaya, don wasu za su faɗa kan hanya ko inda babu tsohon hoto. Maki 4 ɗin zato ne, za a gwada fulotai 30 tukuna a gyara shi. Fulotan nan guda za a bi a lokutan uku, ba sababbi kowane karo ba, domin kwatanta wuri da kansa ya fi fito da ƙaramin canji.

A kowane fuloti mai duba hoto zai zana da'irar laimar kowace bishiya a manhajar taswira ta QGIS, a kan ma'aunin taswira na EPSG:32632 wanda yake ba da nisa da mita a wannan yanki. An yi tunanin amfani da hanyar manhajar Collect Earth, inda ake jera ɗigo 49 a fuloti a ƙirga nawa suka faɗa kan bishiya, amma aka bar ta. Ɗigo ɗaya a can daidai yake da kashi 2 cikin 100, kuma inda lulluɓin duka bai wuce kashi 4 ko 5 ba, wannan ma'auni ya yi kauri. Zane da hannu ya fi cin lokaci, sai dai yana ba da yawa da girma a tafi ɗaya.

Na shekarun 2000 da na yanzu za a samo su daga hotuna masu kaifi irin waɗanda ke cikin tarihin Google Earth, a rubuta ranar kowane hoto. Na shekarun 1960 kuwa daga Corona za a ɗauko, wato hotunan leƙen asirin Amurka da aka ɗauka tsakanin 1960 da 1972, aka buɗe wa jama'a a 1995, ana kuma samun su ta EarthExplorer, shafin intanet na USGS. Baƙi da fari ne, na fim, kuma mafi kyawunsu suna rarrabe abu mai kimanin mita 2. Ba su zo da alamar wuri ba, sai an ɗora su a kan taswirar yau ta amfani da abubuwan da ba su motsa ba: mahaɗar tsohuwar hanya, dutse, tsohuwar kuka, gefen ganuwa. Wahalarsu tana da yawa, amma ban ga yadda za a yi ba tare da su ba. Duk binciken da ya fara daga 1984, shekarar da aka harba Landsat 5, ya fara ne daga ƙasan rami, a tsakiyar fari. Daga can kome aka auna hawa zai nuna. Sai an ga yadda gonakin suke kafin farin sannan a san ko abin da ake gani yau ƙari ne a kan na da, ko kuwa cike gurbi ne da bai ma kammala ba.

Nan ma akwai tarko. Hoton yau yana ganin ɗan kalgo mai mita 2, Corona ba ya gani. Idan aka kwatanta su haka nan, ƙaruwar da za a samu ta kyamara ce, ba ta gona ba. Maganinsa shi ne, duk lokacin da za a haɗa da shekarun 1960, bishiyoyi masu laima sama da mita 6 kaɗai za a ƙirga a duka lokutan, kuma a dushe hoton yau zuwa kaurin na Corona kafin a duba. Ƙananan bishiyoyi kuwa tsakanin shekarun 2000 da yanzu kawai za a yi maganarsu.

Watan da aka ɗauki hoto

Wanda bai san gonar Hausa ba zai zaɓi hoton Agusta ko Satumba don lokacin ne ƙasa ta fi kore. A lokacin gero ya rufe ko'ina, gajimare ya tare rabin sama, gawo kuma, wanda shi ne sarkin itatuwan wannan yanki, ya kaɗe ganyensa tsaf. Shi da damina yake tsiraici, sai kaka ya yi sabon ganye ya riƙe shi har ƙarshen rani. Sai mutum ya ce to a koma Afrilu, lokacin da ba ciyawa ba amfanin gona. A nan kuma kuka ba ta da ganye, makiyaya da masu kiwon gida sun datse rassan gawo sun ba dabbobi, manoma sun fara sassabe sun kwantar da sabarar da ta toho bara. Gona ɗaya, idan aka ɗauki hotonta a Nuwamba aka sake a Afrilu, za ta nuna raguwar lulluɓi ba tare da an tumɓuke bishiya ko ɗaya ba.

Don haka daftarin ya tsayar da taga guda: daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. An gama girbi, ciyawa ta bushe, gawo ya yi ganye, datsa ba ta yi tsanani ba. Hazon hunturu shi ne cikas a wannan taga, yana dusashe launi ko da ba gajimare, don haka za a watsar da ranakun da ya yi kauri. Duk fulotin da hotunansa biyu ba su faɗa cikin tagar ba za a yi masa alama, a yi lissafi sau biyu, da shi da kuma ba shi, a ga ko sakamako ya motsa. Za a kuma yi hattara da inuwa. A watannin nan rana tana karkata kudu, tauraron kuma da hantsi yake wucewa, sai inuwa ta kwanta arewa maso yamma da bishiya. Sabon hannu yakan zana ta tare da laima, ya ƙara wa bishiyar girman da ba ta da shi.

Sabara tana buƙatar hukunci tun kafin a fara. Tana toho kowace shekara a sare ta kowace shekara, daga sama kuma tana kama da ƙaramar bishiya. An yanke cewa za a rubuta ta a ajin kurmi-kurmi daban, ba za ta shiga ƙirgen bishiya ba sai wadda aka rena ta yi gangar jiki ta wuce mita 2 tsayi, abin da sai a ƙasa ake iya tabbatarwa.

Aikin Landsat da Sentinel-2

Ba a yar da waɗannan biyu ba, an dai ba su aikin da za su iya, wato manufa ta biyu. Ba za su ƙirga bishiya ba, amma idan aka tara ɗigo masu yawa za su iya nuna ko koren rani na wani yanki yana hawa ko yana sauka shekara bayan shekara. Ma'aunin kore da aka saba da shi shi ne NDVI, wanda a Sentinel-2 ake lissafa shi haka:

```
NDVI = (B8 - B4) / (B8 + B4)
```

Ganye mai rai yana shanye jan haske, wato B4, yana mayar da hasken da ke gaba da ja wanda ido ba ya gani, wato B8, shi ya sa lambar take hawa inda ganye yake. A dandalin sarrafa hotunan tauraro na Google Earth Engine za a tara hotunan tagar kowace shekara a ɗauki na tsakiya, sannan a daidaita lambar da lulluɓin da aka zana da hannu a fulotai 600. Kashi ɗaya cikin uku na fulotan ba za su shiga daidaitawar ba, da su za a jarraba ta.

Abubuwa uku ne za su iya yaudarar wannan layi na hawa da saukar kore. Na farko ruwan sama: bayan damina mai albarka bishiyoyi sukan yi ganye mai kauri su daɗe da shi, kuma tun daga shekarun 1990 ruwan Sahel ya ɗan farfaɗo. Za a ɗauko ƙiyasin ruwa na CHIRPS, wanda ya fara daga 1981, a cire kason koren da ruwa ya bayyana, a duba abin da ya rage. Na biyu canjin na'ura. Landsat 5 da 7 da 8 ba ido ɗaya suke da shi ba, don haka duk tsallen da layi ya yi a daidai 2013, shekarar da Landsat 8 ya fara aiki, abin zargi ne har sai an ga irinsa a fulotai. Landsat 7 kuma tun ƙarshen Mayun 2003 hotunansa suke da zirin giɓi. Na uku ƙarancin hoto: ma'ajiyar Landsat ta Afirka ta Yamma tana da rauni a shekarun 1990, daidai lokacin da ake jin gawon Magarya yana tashi. Daftarin bai yi alkawarin layi mai shekara-shekara a wannan zango ba, ya ce za a haɗa shekaru biyar-biyar.

Sauka ƙasa

Daga cikin fulotai 600 za a ziyarci 120, sittin a kowane ɓangare, a cikin tagar nan dai. A kowanne za a rubuta sunan kowace bishiya, kewayen gangarta a tsayin mita 1.3, faɗin laima ta fuska biyu, da tsayi, da asalinta: dasawa aka yi, ko daga kututture ta toho, ko daga iri ta fito aka bar ta. GPS na hannu yakan kauce da mita 3 zuwa 5, wanda ya isa ya ɗora bishiyar wani a kan ta wani, saboda haka za a tafi da hoton fulotin a buge a takarda, a yi wa kowace bishiya lamba a kai.

A nan ne kaɗai manufa ta uku za ta samu amsa. Daga sama darbejiya da tsamiya duk dunƙulen duhu ne. Idan ɗorawa da tsamiya da kanya da kuka suna tsufa ba 'ya'ya a bayansu, darbejiya da kalgo suna cike wurin, lulluɓi zai iya hawa alhali kalwa da miyar kuka suna ƙara tsada a kasuwa. Rabon girman kowane iri shi zai tona wannan: irin da duk manya ne, babu ƙanana, yana kan hanyar fita ko da yau yana da yawa.

Hira da masu gona ba a mayar da ita cikon shafi ba. Za a fara da gaisuwar dagaci ko mai gari, a bayyana ƙarara cewa masu aikin ba malaman daji ba ne kuma ba haraji suka zo yankawa ba, domin mutumin da ya ga baƙo yana auna bishiyarsa da tef yana da dalilin yin shiru. Za a tambayi yadda gonar ta zo hannu, gado ce ko saye ko aro ko jingina, don mai aro ba kasafai yake renon abin da ba zai ci moriyarsa ba. Za a tambayi wa ke da ikon sara, wa ake neman izini wurinsa, ko ana huɗa da garmar shanu ko tarakta, da yadda ake yi da masu datsa da dare. Mata su ne masu itacen girki da kalwa da kuka, kuma mata ne za su yi hira da su a cikin gida. Nuna wa dattawa hoton Corona na garinsu yakan buɗe baki fiye da takardar tambayoyi. Tunda tsallaka iyaka da kayan awo ba abin dogaro ba ne, kamar yadda rufe ta a 2023 ya nuna, ƙungiya biyu za a kafa, ɗaya daga Damagaram ɗaya daga Katsina, a horar da su tare a kan takardar awo iri ɗaya.

Yadda za a gane kuskure, da iyakar abin da za a iya faɗa

Mutum biyu za su zana fulotan, kuma za a ɓoye musu shekarar hoto da ɓangaren iyakar da ya fito, gwargwadon yadda zai yiwu, don wanda ya san yana duba Nijar ta yau hannunsa zai fi sakin jiki. Kashi 10 cikin 100 na fulotan duka biyun za su zana, a auna saɓaninsu. Idan saɓanin mutum biyu a kan hoto ɗaya ya kai girman canjin da ake iƙirari tsakanin shekaru, to ba a gano canji ba.

Ba za a yarda da lambar nan ta daidaito gaba ɗaya da ake yawan ƙawata rahoto da ita ba. Inda bishiya ta rufe kashi 4 cikin 100, taswirar da ta ce babu bishiya ko ɗaya za ta ci maki 96. Abin da za a bayar shi ne: cikin bishiyoyin da aka tarar a ƙasa nawa hoto ya gani, kuma cikin waɗanda aka zana a hoto nawa suka tabbata bishiyoyi ne, a kowane ajin girma. Kowane adadin canji zai fito da tazarar kuskurensa a gefe.

A ce sakamako ya nuna ɓangaren Nijar ya fi. Zai yi daɗi a ce doka ce, a ambaci dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 da suka ƙara wa manomi ƙarfin iko a kan abin da ke gonarsa. Amma iyakar ta raba abubuwa da yawa a lokaci ɗaya. Manomin Nijeriya ya daɗe yana samun takin zamani mai tallafi, na Nijar kuma, musamman bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994, ya fi dogara da gawo don gyaran ƙasa. Yawan jama'a da kusancin kasuwar itace da yawan garma duk sun bambanta. Hoton tauraro ba zai raba waɗannan ba. Abin da daftarin ya yi alkawari shi ne kwatanta fulotai masu kama da juna ta fuskar nisa da gari da ruwan sama da irin mallakar gona, a ga ko bambancin iyaka ya tsaya bayan haka, sannan a ajiye shi kusa da abin da manoma suka faɗa.

An tsara aikin a wata 24. Shida na farko na tattara hotuna ne da ɗora Corona da gwajin fulotai 30. Zanen fulotai 600 a lokuta uku, wato zane 1,800, shi zai cinye mafi yawan abin da ya rage na shekarar farko. Aikin ƙasa dole ya faɗa tsakanin Nuwamba da Janairu, kuma idan kuɗi suka makara aka rasa wannan taga, sai a jira wata shekara. Saboda haka aka sa a fara aikin a watan Maris, yadda ko an samu jinkirin wata biyu ko uku, ƙungiyoyin biyu za su shiga gonaki da hotunan fulotansu a hannu kafin a fara datsar gawo.